"Slm" na tura wa mata 40, uku ne kawai suka amsa

Anti barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan shekara 29, gyaran waya nake yi a Garwa, kuma aure nake nema ba wasa ba. Tun bayan ƙaramar sallah na shiga wani gurup na neman aure a Fesbuk, na tura wa mata sun kai 40 saƙo, "Slm" ko "Slt cv", uku ne suka amsa, su ma daga "wslm" sai shiru. Abokina da muke shago ɗaya wallahi bai fi ni komai ba amma shi ana amsa masa, ya ce wai in riƙa ɗauko wani abu daga profil ɗin mace in yi magana a kai. Ni kuma gani nake rashin tarbiyya ne ka faɗa wa mace da zance babu gaisuwa. Yanzu akwai wata da ta kwanta min a rai, a gurup ɗin ta rubuta cewa ta yi karatu a Ngaundere, tana aikin jinya a Marwa, tana yin gato ranar hutu, kuma akwai fotonta a Rumsiki. Ban tura mata komai ba tukuna, tsoro nake kar in ɓata. Me zan rubuta?

Ƙanina, abokinka ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka yi ƙarya ba, don babu wanda ya ce ka jefar da sallama. Bari in tuna maka yadda iyayenmu suka yi zance, kai har yanzu ma ana yi a unguwa. Saurayi ya zo ƙofar gida bayan magariba, ya samu yaro ya aika shi ciki, yaro ya shiga ya ce wai ana sallama da wance. Me wance take cewa kafin ta ɗauki mayafi? "In ji wa?" In yaro ya ce shi bai sani ba, wani mutum ne dai a tsaye a bakin zaure, to sai dai a ce je ka ce ba ta nan. Ba wai ba ta da tarbiyya ba ne, a'a, ba ta san wa za ta fita ta tarar ba ne, kuma ba ta san me ya kawo shi ba. To "Slm" ɗinka shi ne yaron nan da bai san sunan wanda ya aiko shi ba. Sau 40 ka aika shi.

Akwai abin da ku maza ba ku taɓa gani ba, shi ya sa kuke ta tsammanin wulaƙanci ne ake muku. Kwanakin baya ƙanwata ta zo min hutu, muna zaune muna tsinke zogale ta miƙo min wayarta tana dariya ta ce Yaya dubi wannan. Wurin nan ne na Mesenja da saƙon wanda ba abokinka ba yake faɗawa, wanda waya mai Faransanci take rubuta "Invitations par message". Na yi ta ja da yatsa ina gangarawa, "Slt", "Slm", "cc", "Bsr ma belle", "Jam na", "Slm", "cc bb", wani ya turo fulawa kawai, wani ya turo "Slm" ranar Litinin ya sake turo "Slm" ranar Laraba sai ranar Juma'a ya rubuto "girman kai ko". Har na gaji ban kai ƙarshe ba. Na tambaye ta tana buɗewa kuwa, ta ce me za ta buɗe tunda duk abin da ke cikin saƙon ga shi nan ta riga ta gani daga waje. Kai da kake gyaran waya ka fi ni sanin wannan, a jerin saƙonni suna ne da ɗan foto da 'yan kalmomin farko kawai suke bayyana, to in kalmomin farkon nan iri ɗaya ne da na mutum 30 da ke samanka da ƙasanka, ai ka zama ƙwayar gero a cikin buhu. Kuma a wancan wurin za ta iya karanta saƙonka ba tare da "Vu" ya fito maka ba har sai ta amsa, don haka shirun da kake ji ba lallai ne ba a gani ba, an gani an wuce.

Sannan ka lura da aikin da gaisuwa zalla take ɗora mata. Ka ce slm, ta ce wslm. Ka ce ya kike, ta ce lafiya. Ka ce ya gida, lafiya. Ya aiki, alhamdulillah. Ya zafi. Saƙo biyar kenan, wataƙila kwana biyu in rezo yana wasa, kuma har yanzu ba ta san komai a kanka ba ban da cewa ka iya gaisuwa, yanzu ko dai ita ta nemo abin da za a yi magana a kai ko kuma ta tambaye ka "lafiya dai?" wanda mace ba ta son yi wa baƙo don kar ya ɗauka ta matsu. Waɗancan ukun da suka ce maka "wslm" suka yi shiru, sauke nauyin amsa sallama suka yi don Allah, suka jira ka faɗi abin da ya kawo ka, ba ka faɗa ba. A fili doguwar gaisuwa tana da daɗi saboda ana ganin fuska ana jin murya, tana gaishe ka tana auna ka. A rubuce babu abin aunawa.

Shi kuwa saƙon da ya taɓo wani abu nata, tun kafin ta gama karantawa ya amsa mata "in ji wa" da "me ya kawo shi". Ta gane ka tsaya ka karanta abin da ta rubuta, wato ka kashe mata minti biyu ko uku, kuma saƙon nan ba zai yiwu a ce shi ka tura wa mata 40 ba tunda babu mace 40 masu yin gato a Marwa da suka je Rumsiki. Ga kuma amsa a shirye a bakinta, ba sai ta yi tunani ba, magana ce kan abin da ta fi ka sani, kuma kowa yana da saurin baki a kan abin da ya sani. Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2009 wani shafin haɗa masoya na Amurka mai suna OkCupid ya duba saƙonnin farko sama da 500,000 da mutane suka tura a shafinsa, ya ga kusan kashi 32 cikin 100 ne ake amsawa. Waɗanda suka buɗe da gaisuwar nan ta kowa da kowa, "hi" ko "hello", sun faɗi ƙasa da haka, masu yabon kyau da jiki su ma ƙasa, amma saƙon da ke ɗauke da kalmomi irin na "na ga kin ambaci kaza" ya haura sama sosai. Turawa ne, da Turanci, kuma an daɗe, ban ce ka ɗauki lissafinsu ka ɗora wa 'yan matan Marwa ba. Abin da nake so ka riƙe a ciki shi ne ko a can ɗin mafi yawan saƙon farko ba a amsa shi, kuma abin da ya ɗaga wasu sama shi ne abin da abokinka ya gaya maka.

To mu zo kan mutuniyar taka. Abu huɗu ta ajiye maka a fili, kuma ba duka ne suke da kyau a fara da su ba.

Aikin jinya ka bar shi tukuna. In ka ce "wane asibiti kike" ka tambayi inda za a same ta kullum da safe, mace mai hankali ba za ta gaya wa baƙo wannan ba, kuma duk wata ma'aikaciyar jinya ta gaji da mutanen da daga gaisuwa sai su fara ba ta labarin ciwon bayansu. Gato kuma tarko ne. Ka rubuta "na ga kina gato, nawa ne", za ta amsa maka da sauri ƙwarai, amma amsar mai saye za ka samu, kuɗi kaza ne kuma a ba da odar kwana biyu kafin lokaci, daga nan ka zama kiliyan, fita daga wannan layin kuwa sai an sha wuya, don ranar da ka juya zancen za ta ji kamar da ma yaudararta ka yi. Za a iya taɓa gaton amma ba ta wajen farashi ba. Saura Ngaundere da Rumsiki, kuma a nan abin da zai raba gardama shi ne wanne ne kai kake da abin faɗa a kansa na gaskiya. Ban san ko ka taɓa zuwa ko ɗaya ba, don haka zan yi maka duka biyun.

A ce ka taɓa zama Ngaundere, ko ka kwana can kana jiran jirgin ƙasa na Yawunde. Sai ka rubuta kamar haka: "Assalamu alaikum, na ga kin yi karatu a Ngaundere. Ni kwana uku na taɓa yi can da sanyi, ɗan Garwa da ya saba da zafi, sai da na sayi rigar sanyi a tasha. Ke da kika koma Marwa, sanyin kike kewa ko kin huta da shi? Sunana wane, gyaran waya nake a Garwa, a gurup na ga rubutunki." Duba abin da ke ciki. Sallama tana nan ba ta je ko'ina ba, sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba, kuma na gajarta ta da gangan don kalmar Ngaundere ta samu shiga cikin ɗan layin nan da ake gani daga waje. Ka ɗauko abu ɗaya nata, ka ajiye abu ɗaya naka a gefensa har da ɗan abin dariya a kanka, ka yi tambaya ɗaya mai sauƙi wadda ba ta shiga sirrin kowa ba, sannan ka faɗi ko kai wane ne da inda ka gan ta. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, shi ne yake gaya mata da maganar aure ka zo ba tare da ka furta kalmar ba, tunda ta san abin da ake yi a gurup ɗin.

In kuma ba ka taɓa taka ko'ina a ciki ba, kar ka ƙirƙira. Wallahi kar ka ce ka je Rumsiki alhali iyakarka gadar Binuwai, don tambaya ɗaya za ta yi maka, ta Mokolo kuka bi ko a ina kuka kwana, ka fara kame-kame. Rashin sanin ma abin zance ne: "Salam, fotonki na Rumsiki ne ya tsayar da ni, dutsen nan mai tsini da ke bayanki. Ni a kalanda kawai nake ganinsa, kullum ina cewa zan je ban je ba. Hanyar tana biyuwa da moto ko sai mota?" Ka ga fotonta ka ambata amma dutsen ka yaba, ba fuskarta ba. Na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka ƙara "masha Allah kina da kyau", daure ka bari. Ta ji wannan daga mutum 20 a makon nan, ba shi da amsa sai "na gode", kuma kyau ba abin da ta zaɓa ba ne, amma tafiya Rumsiki ita ta shirya ta biya kuɗin mota ta je ta zaɓi foton ta ɗora. Abin da mutum ya zaɓa da kansa ya nuna wa duniya, shi yake so a tambaye shi a kai.

Ga gwajin da za ka riƙa yi kafin ka danna tura. Ka karanta saƙon ka tambayi kanka, zan iya kwafe shi yadda yake in tura wa wata? In eh, to gaisuwa ce ka sa mata babbar riga. "Na karanta profil ɗinki ya burge ni sosai" yana cikin wannan, ya yi kama da an karanta amma bai nuna komai ba, mata sun gane shi tuni, har ya fi "Slm" ban haushi saboda shi ƙarya ce ƙarama. Me ya burge ka? Faɗi sunan abin.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne samari masu ƙwazo irinku suke faɗawa rami bayan an ba su wannan shawarar. An ce ka karanta profil, sai ka kwana kana tono, ka gangara har fotunan 2019, ka gano sunan yayarta, ka gane ƙofar gidan da ke bayan wani foto, sai ka rubuto "na ga kamar a Domayo kuke kusa da wurin kaza ko". Kai a ranka ka nuna kulawa, ita kuwa gabanta ne zai faɗi, ta toshe ka ta kuma gaya wa ƙawayenta. Ƙanwar tawa ta nuna min irin wannan, wani ya lissafo mata kalar kayan da ta sa a biki uku daban-daban, ta ce Yaya wannan ai ba masoyi ba ne ɗan sanda ne. Ka tsaya a kan abin da ta rubuta da kanta a gurup ko abin da ke saman shafinta wanda duk mai wucewa zai gani a minti ɗaya. Kuma abu ɗaya tak. In ka jero Ngaundere da jinya da gato da Rumsiki a saƙo ɗaya da tambaya huɗu, ya zama takardar jarrabawa, za ta ce bari in samu lokaci in amsa, lokacin kuma ba zai zo ba. Layi uku zuwa huɗu ya isa, a saƙo guda, kar ka yanka shi gutsi-gutsi wayarta ta yi ta ƙara. A Instagiram ma tun 2023 wanda ba ya bin ka saƙo ɗaya kawai za ka iya tura masa, rubutu zalla babu foto, har sai ya karɓa, to ka ga wanda ya kashe wannan damar a kan "cc" ya gama yawo. Murya kuma kar ka fara da ita, babu mai kunna muryar baƙo a gaban mutane. Yaren da ta yi rubutunta da shi, Hausa ko Faransanci ko Fulatanci, da shi za ka rubuta mata, kuma ka cika kalmominka, "ykk" da "cv" ka bar wa abokanka na shago.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. In saƙon ya yi kyau, abu na farko da za ta yi kafin ta amsa shi ne ta danna sunanka. Me za ta tarar? In fotonka zaki ne ko tambarin Coton Sport, sunanka kuma irin su "Prince Le Boss", babu gari babu sana'a, to duk wahalar da muka sha a sama ta tafi a banza, ka amsa mata me ya kawo ka amma "in ji wa" tana nan. Sa sunanka na gaskiya, foto ɗaya da fuskarka take fita sosai, wani kana bakin aikinka da waya a buɗe a gabanka, sana'a ba abin ɓoyewa ba ce. Ita ma tana bukatar abin da za ta kama ta tambaye ka.

Kuma kar ka ɗauka na ba ka laya ne. Kana iya rubuta saƙo mai kyau ta yi shiru, don wataƙila ta riga ta fara magana da wani, ko ta daina leƙa wurin, ko forfe ɗinta ya ƙare, ko tana aikin dare a makon, ko dai kawai ba ka yi mata ba, wannan kuma haƙƙinta ne. Ka ba ta mako guda. In shiru, saƙo ɗaya za ka iya ƙarawa, gajere, babu ƙorafi babu "kin share ni", daga nan ka bar ta. In kana so ka san ko hanyar tana aiki, kar ka auna da mace ɗaya, ka auna da goma waɗanda da gaske ka karanta abin da suka rubuta kuma ka ga za ku iya daidaitawa, ka kwatanta da ukunka cikin 40. Kuma ba yawan amsar kaɗai za ka duba ba, duba irinta. Wadda ta ce "eh" ko "lol" ta tsaya, ladabi ta yi maka. Wadda ta ce sanyin Ngaundere ai ba a kewarsa, har ta ƙara da "kai me ya kai ka can", wannan ta buɗe ƙofa, sai ka amsa abin da ta tambaya kar ka koma "ya gida ya aiki", kuma kar ka nemi lambar Wasap a ranar. In zance ya yi mako biyu yana tafiya, kai da ka ce aure kake nema, tambayar da ta dace ita ce wa za ka gaisar a gidansu.

Yanzu ka koma ka sake karanta rubutunta a gurup ɗin a hankali, wataƙila akwai wani ɗan abu da ta faɗa wanda ba ka kawo min ba kuma ya fi duk waɗannan. Ka rubuta saƙon a wani wuri daban tukuna, ka ba abokin nan naka ya duba, sai ka tura da yamma bayan an tashi aiki. Ka rubuto min yadda aka yi.